Wasiƙa daga Tudun Wada: abin da ya fita ba shi ne ka ci yanzu ba

Tudun Wada, Zariya.

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da uwargida da yara. Mu nan Alhamdu lillahi, damina ta zauna sosai, masara ta fito, ko'ina ka bi daga Ƙofar Doka zuwa Samaru sai ƙamshin gashi. Ka riƙe maganar masarar nan, za mu dawo kanta.

Saƙonka ya same ni, na karanta shi har sau biyu. Na farko na yi dariya, ka yafe mini. Na biyu kuwa na ga abin ya dame ka da gaske, tunda har ka ce ka sayi jarka biyu ta maganin basir a hannun mai lasifika a tasha. Ka ce kullum da safe in ka karya kumallo da shayi da burodi da wainar ƙwai, ba ka yin minti 20 sai cikinka ya juya ka nemi buta, don haka kake zargin abinci ba ya zama a jikinka, yana shiga ne yana wucewa kamar ruwa a kwando. To saurara, mutumina. Shekarun da na yi ina koya wa ɗaliban jinya yadda jiki ke aiki, babu shekarar da wani bai yi mini wannan tambayar ba.

Burodin da ka ci da ƙarfe 7:00 ba shi ne ya fita da ƙarfe 7:20 ba. Ba zai yiwu ba, domin hanyar tana da tsawo. Abinci yakan yi awa 2 zuwa 4 a tumbi ana markaɗa shi. Daga nan ya shiga ƙaramin hanji, mai tsawon kusan mita 6, inda jiki ke tsotse amfanin, nan ma ya ci wasu awoyi. Sannan tukar da ta rage ta faɗa babban hanji, wanda bai fi mita ɗaya da rabi ba amma a nan ne ake daɗewa, kwana guda ko fiye, ana janye ruwan da ke ciki har abin ya yi kauri. Jimilla dai, daga baki zuwa masai, yawanci kwana 1 ne zuwa 3. Saboda haka abin da ka fitar ranar Laraba da safe tuwon daren Litinin ne ko abincin ranar Talata. Burodinka yana nan a tumbi ko narkewa bai gama yi ba.

Ka san yadda gidajenmu na cikin birni suke. Baƙo ya yi sallama a zaure, tun bai cire takalmi ba an aika yaro cikin gida, nan da nan uwargida ta ɗauki tsintsiya ta share ɗakin da za a sauke shi. Sharar da aka fitar ba baƙon ne ya kawo ta ba, da ma tana nan, zuwansa ne ya sa aka kwashe. Haka cikinka yake yi. Da abinci ya sauka, bangon tumbi yakan miƙe, jijiyoyin da ke jikinsa su ji an cika, su aika saƙo zuwa babban hanji cewa a ba da wuri. Wannan aiken shi ne likitoci suke kira gastirokolik, kalmar ma haɗi ce ta tumbi da babban hanji. Ba ka da iko a kansa, kamar yadda ba ka da iko a kan yawun da ke tsinkewa in ka ga tsamiya.

Saƙon yana bin hanya biyu. Na jijiya shi ne mai sauri, cikin 'yan mintoci ya isa. Na biyu ta jini yake bi: tumbi yana sakin wani sinadari mai suna gastirin, sannan idan mai ya fara shiga ƙaramin hanji sai a saki wani, kolisistokinin, wanda ke matse matsarmama ta zubo ruwanta don narkar da maiƙo. Wannan ya fi jinkiri amma ya fi daɗewa, shi ya sa hanji kan ci gaba da motsi awa ɗaya ko biyu bayan an wanke hannu. Shi kuma babban hanji, wanda yawancin yini yake cakuɗa abin da ke cikinsa a hankali, sai ya yi wata matsa mai ƙarfi da ke tafiya da nisa, ta tura tarin da ya kwana zuwa jakar ƙarshe da ke bisa dubura. Wannan jakar a wofi take zama galibi. Da ta cika ta miƙe, sai ƙwaƙwalwa ta samu labari, kai kuma ka ji matsuwa. A bakin ƙofar akwai zobe biyu na tsoka: na ciki yana saki da kansa, na waje kuwa a hannunka yake, shi ne kake damƙewa in abin ya kama ka a cikin mota.

Yanzu mu dubi karin kumallonka, domin kai ka tara masa duk abin da yake so. Da safe ne, lokacin da hanji ya kwana a natse sannan ya farka tare da kai, tashi daga barci kaɗai yana motsa shi. Tumbi ya kwana ba komai, sai ka zuba masa babban kofin shayi, wanda na san ka, na mai shayin bakin tasha ne. Ga wainar ƙwai da ta sha mai, kuma maiƙo da yawan abinci su ne suka fi tayar da wannan saƙo. Ga shi kana ci a tsaye kana kallon agogo. Da kofi kake sha ma da abin ya fi haka, don akwai mutanen da kofi ke motsa wa hanji cikin mintoci kaɗan. In ka tuna da azumi, abin da ke sa a ga layi a bakin bayin masallaci kafin asham ke nan: yini guda ba a ci ba, sai ƙosai da soyayyen dankali da kunu su sauka a lokaci ɗaya. Jarirai kuwa sun fi kowa, tambayi uwargida sau nawa jinjiri ya ɓata mata zane yana kan shan nono.

Na san halinka, ba ka yarda sai ka gani. Nemi dafaffiyar masara, ka ci rabin zangarniya ba tare da ka tauna sosai ba, ka rubuta lokacin. Fatar ƙwayar masara ba ta narkewa, za ka gan ta. Kada ka ƙara cin masara har sai ta bayyana. Idan ka ci da ƙarfe 4:00 na yammacin Asabar, ina sa ran ka gan ta da safiyar Lahadi ko Litinin, wataƙila ma ta kai Talata. A bayan gidan da za ka yi minti 20 bayan cin ta dai ba za ka gani ba. In ta fito cikin 'yan awoyi kaɗan kuma da ruwa-ruwa, to wannan gudawa ce, maganar ta canza.

A nan ne nake so ka buɗe kunne, don ba duk mai gudu bayi bayan cin abinci ne lafiyayye ba. Abin dubawa shi ne kamannin abin da ya fita, ba saurin zuwansa ba. In sau ɗaya ne ko biyu a yini, a haɗe yake, babu ciwo, ka fito sakayau ka kama harkarka, ba ka da wata cuta. Masu fama da taurin bayan gida abin da suke nema ke nan, har mukan ce musu su tsuguna minti 5 zuwa 10 bayan karin safe ko ba su ji matsuwa ba, don a hau kan wannan motsin. Kuma in ya zo kada ka riƙa danne shi kullum, don abin da ya koma ya zauna ruwansa ake ci gaba da tsotsewa har ya bushe.

Idan kuwa akwai murɗawar ciki da kumburi da yawan tusa, kuma da madara abin ke tafiya, daga rabin awa zuwa awa 2 bayan sha, to ina zargin sukarin da ke cikin madara ne hanjinka ba ya iya narkarwa, kuma manya da yawa a ƙasashenmu haka suke. Gwajin ba wuya: mako 2 ka sha shayinka baƙi, kada ka canza komai ban da wannan. Akwai kuma masu hanji mai saurin fushi, waɗanda wannan saƙon ke yi musu yawa, ciwon ciki ya riƙa zuwa yana tafiya tsawon watanni, ya danganta da fitar bayan gida, ya tsananta in hankali ya tashi. In suka rage maiƙo suka riƙa cin abinci kaɗan-kaɗan, yana taimaka musu. Wasu magunguna ma suna sakin ciki, kamar metifomin na ciwon sukari, haka nan wanda aka cire wa matsarmama cikinsa kan saki.

Waɗanda ba na so ka jira ni a kansu su ne: jini ko majina a bayan gida, ko ya fito baƙi ƙirin kamar kwalta, ko zazzaɓi, ko rama ba dalili, ko gudawar da ke tashin ka daga barci tsakar dare. Wannan na ƙarshen ka lura da shi, domin saƙon tumbi sai an ci abinci yake tashi, ba ya tayar da mai barci. Sannan ni da kai mun ba 50 baya, don haka in wannan ɗabi'a sabuwa ce, ba haka kake ba a bara, kuma ta wuce 'yan makonni, je asibiti a duba bayan gidan da jininka. Jini da majina na iya zama atini, yana iya zama wani abin da ya fi shi, kuma ba a rarrabe su da ido.

Jarkokin nan biyu kuwa, don girman Allah ka ajiye su. Ba ka san abin da aka dafa a ciki ba, kuma da yawa daga irinsu masu sa zawo ne, mai saye ya ga ciki ya zube ya ce dattin ne ke fita. Kai da kake kukan saurin zuwa bayi, ka sayo abin da zai ƙara maka gudu.

Ka yi gwajin masarar a wannan makon ka aiko mini da awoyin da ka ƙirga, ka kuma gaya mini tun yaushe abin ya fara. Mai ɗakina tana gaishe da uwargida, ta ce alkawarin yajin daddawa yana nan, duk wanda ya fara tasowa wajenku za a ba shi. A shafa mini kan yara.

Wassalam,
Naka amini, daga Zariya.