Na riga na nuna hoton cikin a statu, yanzu kuma ya zube

Assalamu alaikum Hajiya, da fatan kina lafiya, ya aiki ya iyali. Ni ƴarki ce daga Tawa, shekaruna 27, kuma ina roƙon kada a faɗi sunana a cikin shirin.

Kwana 19 ke nan da na yi ɓari. Cikin ya kai mako 15. Ba ciwo ne ya fara kai ni asibiti ba, ɗan ɗigon jini ne mai duhu na kwana biyu. Da aka ɗora mini na'urar ekografi sai sajfam, wato ungozomar asibiti, ta yi shiru tana ta juya abin a marata, sannan ta kira likita. Zuciyar ɗan ta tsaya, kuma awonsa na mako 13 ne, wato ya yi kusan mako biyu da rasuwa ina yawo da shi ban sani ba. Aka yi mini wankin ciki, aka rubuta mini maganin ƙarin jini. Jiki da sauƙi, alhamdu lillahi. Wayata ce ta hana ni sakat.

Kuskuren da na yi shi ne, ranar da aka yi mini ekografin farko a mako 12, murna ta ɗebe ni na sa hoton a statu na WhatsApp, don shekara uku muna jira. Ban taɓa wurin da ake zaɓen masu gani ba, yana kan "Mes contacts", kuma ni mai sayar da atamfa ce ta waya, lambobin da ke ciki sun fi 300. Statu yakan ɓace bayan awa 24, amma kafin ya ɓace mutum 143 sun gani. Uwar mijina ta yi mini faɗa a ranar, ta ce a gidansu ba a shelar ciki, shi ke shelar kansa.

To yanzu shiruna ba ya rufe komai. Shekaranjiya wata mai sayen kaya ta aiko da murya tana dariya, "Amarya ya nauyin jiki, ki ajiye mana ankon suna." Na saurara ina zaune bakin murhu, na kife wayar, tuwon ma ƙanwata ce ta ƙarasa. Irin wannan saƙo yakan zo sau biyu ko uku a mako, kuma kowane sai na zaɓa: in yi ƙarya in ce da sauƙi, ko in sake ba da labarin daga farko.

Inna ta ce kada in kuskura in rubuta komai. A ganinta baki ne ya kama cikin tun farko. Sajfam kuwa ta gaya mini yawancin ɓarin watannin farko daga halittar ɗan ne tun ranar da ya shiga, ba aiki ba ne, ba hoto ba ne. Na yarda da ita, amma da dare maganar Inna ce ke dawo mini. Maigidana yana Abijan wajen nema. Ya ce in yi abin da zai kwantar mini da hankali, sai dai kada ƴan'uwansa na can su fara ji a statu, kuma har yau bai iya gaya musu ba.

Na rubuta wannan na ajiye ban tura ba: "Allah ya karɓi abin da ya ba mu. Ina samun sauƙi. Addu'a kawai nake roƙo, don Allah banda kira da tambaya." Ba hoto, ba yawan watanni, ba sunan asibiti. Na gano akwai "Partager uniquement avec…", inda zan zaɓi mutum 20 ko 30 kaɗai. Amma masu aiko da tambayar ba su ne makusantan ba, masu sayen kaya ne, su kuwa ba za su gani ba. In kuma na buɗe wa kowa, mutum ɗaya ya ɗauki hoton allon ya isa ya kai shi gurup ɗin dangi, kuma na san akwai wadda za ta fara lissafa wa mijina shekarun aurenmu.

Hajiya, in saki wannan rubutun ga duk waɗanda suka ga hoton farko, ko in ba wa yayata saƙon ta bi mutane ɗaya bayan ɗaya ta murya, kamar yadda ake kai labarin rasuwa? In kuma shirun ne ya fi, wace amsa gajera zan riƙa ba mai tambayar ankon suna, wadda ba ƙarya ba ce kuma ba za ta jawo wata tambayar ba? Sannan in na rubuta bayan Inna ta hana, ya zan tare ta, tunda gida ɗaya muke kwana?

Ina sauraron shirin ranar da za ki karanta. Na gode.

Ƴarki daga Tawa