Rahoton Ayyukan Shekara: Aikinmu a Kan Kanun Labarai

Assalamu alaikum, 'yan uwa mambobi.

Kamar yadda babban taronmu na bara ya amince, aikin ƙungiya a wannan shekara ya karkata ga yadda ake rubuta kan labari da zai faɗa wa mai karatu takamaiman abin da zai samu, ba tare da an yaudare shi ba. Ga bayanin abin da aka gudanar.

Zaman bita

A zaman bitar da muka yi, mun ɗora komai a kan ƙa'ida guda: kan labari alkawari ne, kuma sakin layi biyu na farko su ne za su cika shi. Edita zai ɗauki kowace kalma mai nauyi da ke cikin kan, wato suna, aikatau, adadi da siffa, ya nemi jimlar da ta tabbatar da ita a cikin labarin. Kalmar da ba ta da madogara sai a cire ta ko a sassauta ta.

Misalin da muka fi aiki da shi wani gajeren labari ne da aka tsara don koyarwa. Hukuma ta sanar cewa daga Litinin za ta rufe hannu ɗaya na wata babbar gada don gyara, daga ƙarfe 10 na dare zuwa 5 na asuba, tsawon mako uku, ɗayan hannun kuma zai kasance a buɗe. Da aka nemi mahalarta su sa masa kai, sai aka samu kurakurai iri uku.

Wasu sun rubuta irin su "Tirƙashi! Abin da zai faru da babbar gada zai ba ku mamaki". Wannan ya ɓoye bayanin da gangan don a latsa, alhali mai bin hanyar da daddare yana buƙatar sanin labarin ko bai latsa ba. Wasu kuma sun tsaya ga "Sanarwa kan aikin gada", wanda babu ƙarya a cikinsa, amma bai yi alkawarin komai ba, don haka babu mai tsayawa a kansa.

Iri na uku shi ne ya fi cin lokacinmu, domin shi ya fi wuyar kamawa: "Za a rufe babbar gada, matafiya za su shiga tasku". A ido wannan kai ne mai ƙayyadadden bayani, ga aikatau ga suna. Amma wanda ya karanta shi zai ɗauka gadar za ta rufe gaba ɗaya, dare da rana. An jefar da kalmomin da ke iyakance labarin, wato "hannu ɗaya" da "da daddare", sannan an ƙara "tasku" wanda babu wanda ya faɗe shi a cikin sanarwar. Mafi yawan yaudarar da muka gani a bana irin wannan ce, kuma sau da yawa marubucin bai yi nufin yaudara ba, ƙoƙarin taƙaitawa ne ya kai shi.

Kan da aka tsaya a kai shi ne "Za a rufe hannu ɗaya na babbar gada da daddare na mako uku". Haruffansa 58 ne har da tazarar da ke tsakanin kalmomi. Ya faɗi abin da zai faru, da iyakarsa, da tsawonsa. Ya kuma bar wa mai karatu dalili na gaskiya na shiga ciki, domin ranar farawa da sa'o'in rufewa suna can. Wannan bambanci yana da muhimmanci a wurinmu. Barin ƙarin bayani a cikin labari halal ne, ɓoye ainihin labarin shi ne laifi.

Kwamitin duba kanu

Kwamitin ya riƙa karɓar kanun da mambobi suka wallafa, yana karanta su tare da labaransu, yana mayar wa marubuci sharhi a keɓe. Kuskuren da ya fi maimaituwa yana cikin aikatau. "An kama", "za a kama" da "ana shirin kamawa" labarai uku ne daban-daban, amma akan ɗauki na uku a sa masa kan na farko. Haka nan zargi yakan koma tabbas idan aka cire "ana zargin" ko aka manta da sunan wanda ya yi maganar. Kwamitin ya kuma ba da shawarar a daina maƙala "da ɗumi-ɗumi" ga labarin da ya kwana, kuma idan kai ya ce "hanyoyi biyar", to a ƙirga su biyar a ciki.

Akwai wata matsalar fasaha da mambobi da dama ba su lura da ita ba. Labari ɗaya yana iya ɗaukar kai uku: wanda ke saman shafi a `<h1>`, wanda injin bincike ya fi dogaro da shi a `<title>`, da wanda ke fitowa idan an tura mahaɗin a dandalin sada zumunta, wato `og:title`. Google yakan datse kai idan ya wuce haruffa kamar 60, shi ya sa muke nacewa kalmar da ke iyakance labari ta zo da wuri, kada a datse ta kai mai gaskiya ya koma ƙarya. Sannan idan an gyara kai bayan wallafawa, Facebook yana iya ci gaba da nuna tsohon da ya adana. Maganinsa shi ne a sa mahaɗin a Sharing Debugger, shafin Facebook na duba mahaɗi, a danna `Scrape Again`.

Yadda ake auna sakamako

Mun horar da editoci kada su riƙa duba yawan latsawa shi kaɗai. Tun a Agustan 2014 Facebook ya sanar cewa zai riƙa la'akari da tsawon lokacin da mutum ya yi a shafi kafin ya dawo, a Agustan 2016 kuma ya ce zai rage yaɗuwar kanun da ke ɓoye bayani ko suke zuguguta shi. Don haka muna koyar da a haɗa awo biyu, wato kason masu latsawa daga binciken Google da Search Console ke nunawa, da daɗewar mai karatu a Google Analytics 4. Idan latsawa ta yi sama amma mutane suna ficewa nan take daga labari mai kalmomi 600, wanda ke buƙatar kusan minti uku, alama ce kan ya yi alkawarin abin da ba ya ciki. A lura cewa Analytics yana lissafa ziyarar da ta wuce daƙiƙa 10 a matsayin wadda aka tsaya, kuma wannan ya yi kaɗan ga dogon rubutu, amma ana iya ɗaga shi har zuwa 60. Awon yana da iyaka, domin gajeriyar sanarwa irin ta gada ana iya gama ta cikin rabin minti a fita da gamsuwa. Saboda haka a kwatanta labari da irinsa a tsawo da nau'i.

Abin da ya rage

Ba mu kai ga kanun bidiyo da hotunan da ke rakiyarsu ba, inda sau da yawa hoto ke yin ƙaryar da rubutu bai yi ba. Shi ne aikin farko na shekara mai zuwa. Muna roƙon kowane mamba ya tura wa sakatare kanu uku daga aikinsa, kowane tare da cikakken labarinsa da hoton da aka yi amfani da shi, kafin babban taro mai zuwa.

Kwamitin Gudanarwa