Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyarmu ta Malaman Fiziks

'Yan uwa malamai, assalamu alaikum.

Tarukan wata-wata an yi su, fuskokin da aka saba gani su ne dai suka zo.

Abin da ya faranta mana rai a bana shi ne bitar da muka yi kan gano canjin momentam na juyi daga giraf ɗin toki da lokaci. Ɗakin ya cika maƙil. Malamar da ta jagoranta ta fara da tushe: toki shi ne saurin canjin momentam na juyi, saboda haka filin da ke tsakanin layin giraf da layin lokaci shi ne canjin, wato ΔL = ∫τ dt. Ma'auninsa N·m·s, daidai yake da kg·m²/s.

Sai ta zana wili wanda yake tsaye tun farko, inashiyarsa ta juyi 2 kg·m². Toki ya tashi a miƙe daga sifili zuwa 12 N·m cikin daƙiƙa 4; filin wannan alwatika ½ × 4 × 12 = 24. Ya tsaya a 12 na daƙiƙa 3, an samu 36. Daga nan aka taka birki, toki ya koma −6 N·m na daƙiƙa 2, filin ya faɗo ƙasan layi, −12. Jimilla 48 N·m·s ke nan, kuma idan aka raba da 2, wilin yana juyawa da 24 rad/s.

Kafin ta bayyana amsar, wasu sun kawo 72, domin sun tara filin birki maimakon su ɗebe shi. Tambaya ɗaya ta yi musu: «A daƙiƙa ta 7 gudun wilin 30 rad/s ne. Ta yaya birki zai kai shi 36?» Aka kwashe da dariya. Ta kuma ja kunne cewa filin nan canji kawai yake bayarwa. Da wilin yana juyawa tun farko, sai an haɗa da momentam ɗin da ya zo da shi. A riƙa duba layin kwance ma, domin idan kusurwa ce a wurin ba lokaci ba, filin nan aiki yake bayarwa.

Wilin gwaji da muka yi alkawari bai kammalu ba, kuma na ji ana ta ƙorafi. Mun haɗa shi, amma gogayyar gindinsa tana cin wani ɓangare na tokin, ga shi dokar tana aiki ne da jimillar toki, don haka gudun da muke aunawa kullum yana gaza lissafi. Sai an sayi boris mai kyau da na'urar auna juyi. Da wane kuɗi? Masu ƙorafin nan, yawancinsu ba su biya kuɗin shekara ba, kira kuma ba sa ɗauka. Wannan dalilin ne ya tsayar da ɗan littafin atisaye, alhali tambayoyinsa suna nan a rubuce.

Wanda ake bi bashi ya ga ma'aji kafin taro mai zuwa, don Allah. Boris za mu fara saya.

Sakatare