Rahoton kwamitin gyaran ɗakin koyon sana'a na mata da adon bangon da aka saƙa masa

Assalamu alaikum iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu ƴan ƙungiya. Mu ƴan kwamitin da kuka ɗora wa gyaran ɗakinmu na koyon sana'a da ke nan wajen Ƙofar Marusa cikin Katsina muna sanar da ku cewa aiki ya kammala, Alhamdulillah. An cire kwanukan da suka huje ta gefen gabas an sa sababbi, kafinta ya canja katakon da ruwa ya ruɓar, an maida silin, magini ya kankare filastar da ta kumbura ya sake yaɓe, aka bari ta bushe sosai kafin a yi fenti. Lissafin kuɗi da rasit duk suna hannun Hajiya ma'aji, duk mai son dubawa ta same ta ranar taro.

Abin da za mu ɗan tsaya a kai shi ne bangon nan na gaba da ake fuskanta in an shigo, wanda bayan fenti ya zama fili fetal ba komai, aka yanke shawara a taro cewa maimakon a sayo hoto gara ɗalibanmu su saƙa masa adon igiya irin na makrame da hannunsu. Da yawa kun tambaya me ya sa muka sayi rol huɗu na igiya alhali an ce biyar za a saya, wasu kuma suna son su yi irinsa a gida, to ga yadda aka yi.

Igiyar ta auduga ce mai kaurin milimita 4, mai tufka uku, kowane rol mita 100. Mun zaɓi mai tufka saboda ba ta saurin warwarewa a hannun mai koyo, in an kwance ƙulli an sake ba ta yin buzu-buzu. Girman da aka tsara faɗi santimita 80, tsawo 90, wato 40 na sama raga ce ta ƙullin sukwaya, 30 na tsakiya ginshiƙai ne na ƙullin murɗe, 20 na ƙasa geza. An rataya igiya 64 a jikin sanda, kowace an ninka ta biyu an zura madaukin ta bayan sandar an jawo bakunan ta ciki, don haka kowace igiya ta ba da ƙafa biyu, ƙafa 128 ke nan, in aka raba huɗu-huɗu rukuni 32.

Duka ƙullin biyu da ƙafa huɗu ake yinsu, biyu na tsakiya suna tsaye ba sa motsi, biyu na gefe su ke aiki. Ki ɗauki ta hagu ki gitta ta a kan na tsakiya, ki ɗora ta dama a kanta, sai ki bi da ta daman ta ƙarƙashin na tsakiya ki fito da ita ta madaukin da ya buɗe a hagu, ki ja duka biyun daidai. Wannan rabi ne. In kika sake yi amma wannan karon kika fara da ta dama, kin gama sukwaya ɗaya, zai kwanta shafal ba karkata. In kuwa kika ci gaba da farawa da hagu, hagu, hagu ba canji, da kansa zai fara juyawa bayan ƴan ƙulli kaɗan, shi ne murɗen, kuma ba ke za ki murɗa shi da hannu ba, in ya juya ki bar shi ya juya ki ci gaba da wadda ta faɗo hagunki yanzu. Malamarmu ta saƙa ta koya wa yaran wata alama da ta rage mana kwance-kwance sosai: duk rabin ƙulli yana barin ɗan tudu a tsaye a gefe ɗaya, to in sukwaya kike yi ki fara na gaba da ƙafar da ke gefen tudun nan. Duk wadda ta ga sukwayarta ta fara karkacewa to ta maimaita gefe ɗaya sau biyu ne, ta koma baya ta duba za ta ga tudu biyu a jere gefe guda.

Ragar kuma layin farko a yi sukwaya a kowane rukuni, layi na biyu a bar ƙafa biyu na bakin hagu da biyu na bakin dama, a haɗa biyu daga wannan rukuni da biyu daga maƙwabcinsa, layi na uku a koma yadda aka fara. Haka har ƙarshen ragar.

Yanzu maganar tsawon igiya, wadda ita ce ta fi cin mana lokaci a zaman kwamiti. Ƙa'idar da aka saba ji ita ce kowace ƙafa ta ninka tsawon aikin sau huɗu, tunda kuma igiyar ninkewa ake yi sai a yanka sau takwas. A namu 90 sau 8 ya ba da mita 7 da santimita 20 kowace igiya, guda 64 ya haura mita 460, rol biyar ke nan. Ƙa'idar ba laifi gare ta ba, in mutum yana sauri za ta fid da shi, sai dai ba ta san wane ƙulli za ki yi ba, ba ta san kaurin igiyarki ba, ba ta san ko hannunki mai ɗaurewa tamau ne ko mai sassauci ba. Shi ya sa Malama ta ce kafin a sa almakashi a rol sai an yi gwaji, kuma mu a ganinmu wannan gwajin shi ne abin da ya fi komai amfani a duk aikin.

Gwajin ba wuya. Aka yanka ƴan guntaye aka rataya, aka sa alamar biro a kowace ƙafa daidai inda ƙulli zai fara, aka saƙa santimita 10 cif, aka sake sa alama inda ya tsaya, sannan aka kwance aka auna tsakanin alamomin biyu da tef ɗin tela. A murɗe, ƙafar gefe ta ci santimita 50, ta tsakiya ta ci 10 kacal tunda ita tsayuwa kawai take yi. A raga kowace ƙafa ta ci wajen 30, saboda wadda ta yi aiki a wannan layin ita za ta huta a tsakiya a layi na gaba, sai cin ya rabu tsakaninsu. Don Allah kar wata ta kwashi waɗannan lambobin ta tafi da su gida, na igiyarmu ne da hannun yaranmu, in taki milimita 5 ce ko 6 za ta fi haka ci, in kuma kina barin tazara tsakanin layuka za ta ci ƙasa da haka.

Da wannan aka yi lissafi. Ƙafar da za ta zama ta gefe a murɗe tana buƙatar 120 na raga, 150 na murɗe, 20 na geza, jimla 290. Ta tsakiya kuwa 120 da 30 da 20, jimla 170. Aka ƙara wa kowace 10 na zagaye sanda, aka kuma ƙara kashi goma cikin ɗari na ko-ta-kwana, sai doguwa ta tashi 330, gajera 198 aka cike ta 200. Kun ga kowace igiya mita 5 da santimita 30 ke nan, 64 ɗin gaba ɗaya kusan mita 340, rol ɗaya yana fid da guda 18, huɗu sun isa har da ragowa. Nan rol ɗin na biyar ya tafi, kuɗinsa aka ƙara aka sayi labulen taga.

Amma fa wannan tsimin yana da sharaɗi, in ba a kiyaye ba gara ma a bi ƙa'idar sau takwas ɗin a huta. Igiyar ba a tsakiya ake ninka ta ba, gefe ɗaya 330 ɗaya 200, kuma wajen ratayawa a kowane rukuni sai an jera doguwa, gajera, gajera, doguwa. In aka ninka ta daidai wa daida kowace ƙafa za ta zama 265, ta gefe za ta ƙare tun ba a ƙarasa murɗen ba balle a yi zancen geza, na tsakiya kuma su yi ta reto da tsawon da ba amfaninsa. Sannan dole murɗen ya faɗa kan rukunin layin farko. A nan ne aka ɗan samu matsala ranar da aka fara ginshiƙan, ɗalibai biyu suka ɗora murɗensu kan rukunin layi na biyu, wanda a cikinsa gajerun ne suke gefe, Allah ya taimaka Malama ta lura da wuri don ta sa an naɗa jan zare a bakin kowace doguwa tun farko, tana dubawa ta ga masu jan zaren suna zaune a tsakiya, aka kwance abin da bai kai tsawon yatsa ba. Duk mai yin irin wannan a gida ta sa alamar nan, bayan santimita 40 na raga ido ba ya iya bin ƙafa ɗaya ya gane daga ina ta fito.

In kuma duk da haka ƙafar gefe ta nuna za ta gaza, akwai dabara, a musanya, na tsakiya da suka rage da tsawo a fito da su gefe, na gefen a maida su ciki. Wurin musanyar yana ɗan nunawa, don haka in za a yi gara a yi a duk ginshiƙan a tsayi ɗaya sai ya zama kamar ado ne da gangan. Mu ba mu kai ga haka ba.

Wani abin da muka kiyaye shi ne duk ginshiƙai 32 da hagu aka fara su don su juya fuska ɗaya, kuma ba da tef kaɗai aka daidaita su ba, ƙirga ƙullin aka yi, don hannuwa da yawa ne suka yi aikin kuma murɗe yana ɓoye bambanci sai an rataya an ja baya sannan a ga wani ya fi wani. Gezar ma ba a yanke ta a kan tebur ba, sai da aka rataya aka bar shi ya kwana igiyar ta saki jiki, sannan aka manna salatif a miƙe aka bi da almakashi.

Wajen kafawa mun hana a buga ƙusa kai tsaye cikin sabuwar filasta, an huda da diril an sa roba da sukurori biyu, an kuma bar ƴar tazara tsakanin saƙar da bango don auduga tana jan danshi lokacin damina. Muna roƙon masu shara in hunturu ya shigo da ƙurarsa kar a sa masa ruwa ko jiƙaƙƙen tsumma, a sauke shi a kaɗe a waje a bi da busasshen buroshi mai laushi. Ragowar igiyar, guda takwas da za a iya yankawa da guntayen, tana cikin kabad ɗin Malama don ajin ranar Asabar, makullin ɗaki kuma mun miƙa wa Hajiya shugaba.