Kun yi bankwana da Baba direba, kun bar shi a duhu

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na saurari shirinku na daren Asabar, kuma raina ya ɓaci. Kun karanta sanarwar ritayar Baba direba, an yaba masa, an ce shekara 35 bai taɓa kayar da mota ba. Allah ya saka masa da alheri, ya sa hutu ne. Amma da mai gabatarwa ya ce "sai ya je ya karɓi garatutinsa ya huta", wallahi sai da na ajiye cokali. Wane garatuti? A ina?

Yayana ya kama aikin gwamnatin tarayya a 1989, ya ajiye a 2024. Ranar walima an ba shi agogon bango da shadda, wata na zagayowa albashi ya tsaya cak. Da ya je kamfanin fanshonsa, aka ce fayil ɗinsa na ɗaukar aiki ya nuna 1966 aka haife shi, katin ɗan ƙasa kuma 1968. Wannan shekara biyun ta cinye mana watanni, daga kotu a yi rantsuwa, zuwa ofishin katin, a dawo a ce gobe. Dattijo da hawan jini yana bin layi, takardunsa a leda, har gefen takardar farko ya soma yagewa.

Abin da ya kamata ku gaya wa mutane ke nan: tun ana saura shekara guda a yi ritaya ake fara shiri. A nemo takardar ɗaukar aiki ta farko, da ta ƙarin girma ta ƙarshe, da shaidar haihuwa, da takardun albashi, a tabbatar suna da ranar haihuwa iri ɗaya ne a ko'ina, sannan a yi tantancewar hukumar fansho ta ƙasa, wato PenCom.

Kuma wanda ya kama aiki kafin dokar fansho ta 2004 kuɗinsa gida biyu ne. Akwai abin da aka tara masa a asusu, wanda tun dokar 2014 ya zama kashi 8 daga albashinsa, kashi 10 daga ma'aikatarsa. Akwai kuma haƙƙinsa na shekarun baya, wanda sai gwamnati ta zuba. Yayana bai taɓa ko kwabo ba sai da wannan ya shigo. Ko da ya shigo, wani kaso aka ba shi a dunƙule, sauran aka ce ya zaɓa: kamfanin fansho ya riƙa gutsura masa wata-wata, ko ya miƙa wa kamfanin inshora ya biya shi har ƙarshen rai. Babu wanda ya taɓa yi masa wannan bayani, ku ma ba ku yi ba.

Sannan don Allah ku rage tallan maganin gargajiya a tsakiyar shiri, yana cinye lokacin masu bugo waya.

Ku gayyato masanin fansho ku maimaita shirin.

Naku,
Mai sauraro daga Zariya