Wasiƙa zuwa ga ƙawata kan ƙiwar ɗanmu

Assalamu alaikum ƙawata, ya gida ya yara, ya baƙunta? Naji saƙonki, wai ɗan namu tunda ya shiga wata 8 ko banɗaki baki isa ki shiga ba sai ya ɓare baki, gashi kina fita aiki kullum da safe, har surukarki na cewa ke kika sangarta shi da goyo.

Wallahi ba sangarta bace. Da can in kin fita daga ɗaki shikenan kin fita daga ransa, amma yanzu hankalinsa ya kai ya gane kina nan ko baya ganinki, matsalar bai san lokaci ba, bai san ko minti 5 zakiyi ko kin tafi kenan ba, shi yasa yake wannan kukan. Yawanci abin yafi tsanani tsakanin wata 10 zuwa 18, wajen shekara 2 sai ya fara sauka.

Abinda ya dameni a saƙon shine da kikace kina lallaɓawa ki gudu in ya juya baya. Dan Allah ki daina. Ke dai kin huta da jin kukan, shi kuwa ya waiga ya ga babu ke, gobe bazai yarda ki matsa ko nan da can ba, ko wasa ya daina sakin jiki yayi.

Misali ƙarfe 7 da rabi zaki fita, to Inna mai riƙe miki shi ta shigo tun 7. Ki bashi nono ya ƙoshi, don yunwa da barci suna ƙara abin, ki zauna kuna hira yana ganinku tare, sannan ki miƙa mata shi da hannunki. Ki sumbace shi, kice "Mama ta tafi, sai na dawo" fuskarki a sake, ki fita. Kullum magana iri ɗaya, kuma kar ya wuce minti ɗaya. Zaiyi kuka, amma kar ki dawo daga bakin ƙofa, in kin dawo sallama biyu kika ja masa. Ki bar mata zanin goyonki ta goya shi, ƙamshinki na jiki.

Ranar da kike gida ki riƙa rufe fuska da mayafi kina buɗewa, ko ki shiga kicin kina masa magana ki fito, a haka yake koyon wanda ya tafi yana dawowa.

In kin isa ofis ki kira Inna, yawancin yara cikin 'yan mintuna sun yi shiru. Amma in yini yake yana kuka, ya ƙi abinci, ko da zazzaɓi ko gudawa ko yana jan kunne, wannan ba ƙiwa bace kaɗai, a kai shi asibiti.

Ki gaida maigidan da Inna, ki shafa min kansa.

Taki,
ƙawarki daga Kano