Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Ministan Ilimi Kan Tallan Guraben Koyarwa a Jami'o'in Tarayya

Mai girma Minista, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Na tabbata ba ka manta ba cewa a watan Disamba na 2023 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a cire jami'o'i daga tsarin biyan albashi na IPPIS, aka kuma ce daga yanzu za su ɗauki ma'aikatansu ba tare da jiran izini daga ofishin Shugaban Ma'aikata ba. Mu da muka gama digiri na uku muke zaune ba gurbi mun ɗauka wannan mataki zai sa guraben koyarwa su fito fili, tunda uzurin da aka daɗe ana ba mu shi ne Abuja ce ta ɗaure wa jami'o'i hannu. An kwance hannun, amma yadda ake tallan gurabe bai canza ba, kuma a kan wannan nake rubuto maka.

Ƙa'idar Hukumar Raba Daidai a fili take: a buga talla a jaridu aƙalla 2 da ke zagaya ƙasa, a kuma ba masu nema aƙalla mako 6. Sai dai ƙa'idar ta bar ƙofar neman izinin tsallake talla, kuma binciken da kwamitin Majalisar Wakilai ya yi a 2023 kan cinikin guraben aiki ya nuna yadda ma'aikatu suka mayar da wannan ƙofa babbar hanya. A jami'a ana kiran abin maye gurbi: malami ya rasu ko ya yi ritaya, sai kawai a ga sabon mutum a ofishinsa, ba wanda ya ji sanarwa.

Idan ma an buga tallan, ina roƙonka ka ɗauki ɗaya ka karanta shi da idon mai nema. Za ka ga shafi guda an jera tsangayoyi da sassa kusan duka, an ce ana neman malamai tun daga mataimakin lakcara har farfesa, sannan a zuba sharuɗɗa iri ɗaya ga kowa: digiri na biyu ga mataimakin lakcara, digiri na uku ga lakcara mai daraja ta biyu, takardar kammala yi wa ƙasa hidima, da wallafe-wallafe ga na sama. Ɗauki mutumin da ya ƙware a tarihin kasuwancin ƙasar Hausa. Ya ga an rubuta Sashen Tarihi, amma tallan bai faɗa masa ko gurbi ɗaya ne ko biyar ba, bai faɗi matakin da sashen yake buƙata ba, bai kuma nuna ko mai tarihin Turai ake nema ko mai tarihin tattalin arziki ba, alhali shugaban sashe ya san darasin da ba shi da mai koyarwa. Haka zai buga kwafi 15 ko 20 na tarihin karatunsa da aikinsa, ya biya kuɗin aikawa, ya bi malamansa 3 yana lallashi su aika wa magatakarda shaida a rufe. Daga ƙarshe akwai layin nan da muka haddace, cewa waɗanda aka tantance kaɗai za a tuntuɓa. Wanda bai ji kira ba, ba zai taɓa sanin ko an yi ganawar ba ma.

Mun koyi gane tallan cika sharaɗi. Idan bai faɗi adadi da fanni ba, ko kuma ya tsuke fannin har ya zama kamar rigar da aka ɗinka wa mutum ɗaya, ko ya fito a jarida amma babu shi a shafin jami'ar, to galibi an riga an san mai gurbin. Madalla da wannan ƙwarewa da muka samu, sai dai ba ita muka yi shekaru muna karantawa ba.

Asarar ba ta tsaya a albashi ba. Tallafin horar da malamai na TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, ta hannun makarantar da mutum yake aiki yake bi, kuma guraben bincike da yawa na ƙasashen waje suna neman wasiƙa daga jami'ar da mai nema yake ciki. Wanda aka rufe wa ƙofar sashe an rufe masa ta bincike ke nan. 

Ranka ya daɗe, abin da nake nema ba ya cin kasafi. Ka umarci Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta buɗe shafi ɗaya da za a riƙa sanya kowane gurbin koyarwa, har da na maye gurbi, tare da sashe da fanni da mataki da adadi da ranar ganawa, kuma bayan an gama a buga sunayen waɗanda aka ɗauka. Jami'ar da ta samu izinin tsallake talla ita ma a rubuta sunanta a wurin, da dalilin da ta bayar.

Naka,
Wani mai neman gurbin koyarwa